Tauraro ne ko saniya? Inda ɗalibai ke zamewa a tambayar jadawalin BCG

A ajin yamma da nake koyar da masu shirin jarrabawar akanta da sarrafa kasuwanci a nan Kano, akwai wata tambaya da kusan kowa yake murnar ganinta. Ana ba ka kamfani mai rassa huɗu ko biyar, a jero maka lambobi, a ce ka sanya kowane reshe a gidansa: tauraro, saniyar tatsa, alamar tambaya ko kare. Ɗalibai suna ɗaukarta garaɓasa, don sunayen ba su da wuyar haddacewa. Amma duk lokacin da na zauna duba takardu, a nan nake ganin maki yana zubewa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Yawancinsu ba yara ba ne, wasu suna aiki a masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, wasu suna riƙe da littafin shagon mahaifinsu a Singa ko Kwari. Wanda ya yi kuskuren nan a takarda, gobe zai yi shi da kuɗin mutane.

Jadawalin ya fito ne daga wani kamfanin ba da shawara na Amurka, Boston Consulting Group, wato BCG, kuma wanda ya kafa kamfanin, Bruce Henderson, shi ya bayyana shi a wani ɗan gajeren rubutu a 1970. Siffarsa kamar gidajen dara ce, guda huɗu. Layin tsaye yana auna saurin girman kasuwa. Layin kwance yana auna ƙarfin reshenka idan an gwada shi da babban abokin hamayyarsa. Kasuwa mai saurin girma da kai ne gaba a cikinta, tauraro. Kasuwar da ta lafa amma kai ne gaba, saniyar tatsa. Kasuwa mai gudu da kake baya a cikinta, alamar tambaya. Kasuwar da ta lafa kuma kana baya, kare. Wannan kowa ya sani. Matsalar tana wajen lambar da za a ɗora a kan kowane layi, domin mai tsara tambaya yakan cusa lambobin da suka yi kama da na gaskiya alhali ba su ba ne.

Ga wata tambaya da na tsara wa ajina. Kamfanin da lambobinsa duk ƙirƙira ce don darasi. Mu ɗauka wani kamfani ne a Sharada mai rassa biyar: yana matsar man gyaɗa, yana saƙa buhunan leda, yana gyaran shinkafa, yana haɗa abincin kaji, kuma kwanan nan ya fara harhaɗa fitilun sola.

Reshen man gyaɗa yana riƙe da kashi 24 cikin 100 na kasuwarsa. Reshen buhu yana riƙe da kashi 35. Wata ɗaliba, mai ƙoƙari ce kuwa, ta rubuta cewa buhu shi ne mai ƙarfi, man gyaɗa mai rauni. Da na mayar mata da takardar ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Malam, ai 35 ya fi 24. Ina kuskuren yake?"

Na ce, "Hajiya, duba layin da ke ƙasa. Wa ke gaba da ku a kasuwar buhu, kuma nawa yake riƙe da shi?"

Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kashi 50."

To a nan gizo ke saƙa. Jadawalin bai damu da yawan kason da kake riƙe da shi ba, abin da yake tambaya shi ne kai da babban abokin hamayyarka wa ya fi wani, kuma da ninki nawa. Lissafin ɗaya ne tak:

```
kason gwaji = kason reshenka ÷ kason babban abokin hamayya
```

A buhu, 35 a raba da 50 ya ba da 0.7. A man gyaɗa, wanda ke biye da kamfanin yana da kashi 12 ne kawai, don kasuwar ta warwatsu a hannun ƙananan masu matsa da yawa, saboda haka 24 a raba da 12 ya ba da 2.0. Iyakar da ta raba jadawalin gida biyu ita ce 1.0. Abin da ya haura ta, kai ne jagaba. Abin da ya gaza ta, akwai wanda ya sha gabanka. Tunda tambayar ta ce kasuwar man gyaɗa tana ƙaruwa da kashi 4 a shekara, ta buhu kuma da kashi 3, dukkansu suna ƙasa da kashi 10 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka. Man gyaɗa saniyar tatsa ce. Buhu, duk da kashi 35 ɗinsa, kare ne.

Akwai wani ƙaramin tuntuɓe a daidai wurin nan. Idan reshenka ne mafi girma a kasuwar, wasu sukan duba jerin kamfanoni su ɗauko mafi girma, wato su kansu, su raba lambarsu da lambarsu, sai ta fito 1.0. Ba ka hamayya da kanka. In kai ne na ɗaya, da na biyu za ka raba. In ba kai ba ne, da na ɗaya za ka raba, ba da wanda ke kusa da kai ba. Kuma idan ba a ba ka kaso ba, cinikin kowane kamfani kawai aka ba ka, babu buƙatar wahalar da kai wajen nemo girman kasuwa: raba cinikinka da na babban abokin hamayyar, amsar ɗaya ce. Daga nan ma za ka gane wani abu da littattafai ba su cika faɗa ba, wato a kowace kasuwa kamfani ɗaya ne kaɗai zai iya haura 1.0. Tauraro da saniya ba su da yawa a duniya. Mafi yawan rassan kamfanoni a ɓangaren masu bin baya suke faɗawa.

Me ya sa aka nace sai an gwada da na gaba? Duk wanda ya fahimci dalilin ba zai sake mantawa ba. Mutanen Boston sun lura a nazarce-nazarcensu na shekarun 1960 cewa duk lokacin da jimillar abin da masana'anta ta taɓa ƙerawa ya ninka sau biyu, kuɗin ƙera guda ɗaya yakan sauka da kusan kashi 20 zuwa 30. Hannu ya saba, ɓarna ta ragu, an san inda ake samun kaya da rahusa. Ka je Ƙofar Wambai ka tsaya kusa da wanda ya shekara ashirin yana yankan takalmi, ka ga yadda yake fitar da ƙafa goma daga fatar da sabon shiga zai fitar da takwas, ka ga abin da ake nufi. Wanda ya ninka abokin hamayyarsa a ciniki shekara da shekaru ya tara ƙwarewa ninki biyu, kayansa sun fi sauƙin tsada a hannunsa, farashin kasuwa kuwa ɗaya ne, don haka ribarsa ta fi kauri. Layin kwance ke nan: yana nuna yawan kuɗin da reshe zai iya kawowa. Layin tsaye kuma yana nuna yawan kuɗin da zai ci, domin kasuwa mai gudu tana tilasta ka sayen sabbin injuna, ƙara sito, ba diloli bashi, in ba haka ba a bar ka a baya. Gaba ɗayan jadawalin maganar tsabar kuɗi ce, mai shiga da mai fita. Saniya tana kawo da yawa tana cin kaɗan. A bakinmu "saniyar tatsa" kalmar kuka ce, ta wanda ake ci da guminsa, amma a nan yabo ce, ita ce mai ciyar da gidan.

Sai fitilun sola, wanda a ajin nan kusan kowa ya kira tauraro. Dalilinsu a fili yake: tambayar ta ce cinikin reshen ya ƙaru da kashi 40 a shekara guda. Na sa lambar nan ne da gangan, kuma masu tsara jarrabawa ma haka suke yi. Layin tsaye ba ya auna girman cinikinka, girman kasuwar gaba ɗaya yake aunawa. A tambayar, kasuwar fitilun tana ƙaruwa da kashi 25, wannan ita ce lambar da za a ɗauka, kuma ta haura 10, saboda haka reshen yana sama. Amma kasonsa kashi 6 ne, na gaba da shi yana da kashi 30. Shida a raba da talatin, 0.2. Alamar tambaya ce, kuma mai nisa da iyaka.

Kashi 40 ɗin ba shara ba ne, yana da wurinsa a sharhin da za ka yi bayan ka rarraba. Tunda reshen yana gudun da ya fi na kasuwa, kasonsa yana ƙaruwa, yana matsowa. Sai dai a tambayi kai, matsowa nawa? A ce cinikinsa naira miliyan 120 ne, na jagaban kuma miliyan 600. Idan jagaban ya ci gaba da tafiya daidai da kasuwa, kashi 25 kowace shekara, bayan shekara uku zai kai wajen miliyan 1,170. Namu, da kashi 40 ɗinsa, zai kai wajen miliyan 330. Kason gwajin ya tashi daga 0.2 zuwa kusan 0.28. Shekara uku ana zuba kuɗi, ko kashi ɗaya cikin uku na jagaban ba a kai ba. In ana so a kamo shi cikin wannan lokaci, sai cinikin ya ninka kusan sau goma, wato ya fi ninki biyu kowace shekara, sau uku a jere. Ɗalibin da ya rubuta "a zuba jari a alamar tambaya don ta zama tauraro" ya tsaya, bai ce komai ba tukuna. Wanda ya yi ɗan lissafin nan ya ce ko dai a zuba kuɗi na gaske, ko a koma wani lungu na kasuwar da za a iya zama na ɗaya, ko a sayar da reshen tun yana da daraja, shi ne ya amsa tambaya.

Reshen shinkafa shi ne wanda na fi so a tsaya a kai, don shi ne ya fi shafar mu a ƙasar nan, kuma littattafan da aka rubuta a ƙasashen da farashi ke zaune ba su cika jan kunne a kansa ba. Kason reshen kashi 30 ne, mai bi masa yana da 20, kason gwaji 1.5, babu gardama shi ne gaba. Darajar kasuwar kuma ta tashi daga naira biliyan 4 zuwa biliyan 5.2. Ƙarin kashi 30 ke nan. Ga jagaba, ga kasuwa mai gudu, sai alƙalami ya rubuta tauraro. Amma can ƙasan tambayar akwai layi ɗaya: farashin shinkafa ya tashi da kashi 25 a shekarar.

```
girma na gaskiya = (1.30 ÷ 1.25) − 1 = 0.04
```

Kashi 4 kacal. Buhunan da mutane suka ci kusan ɗaya ne da na bara, kuɗinsu ne ya kumbura. Reshen saniya ce, ba tauraro ba. Wasu sukan debe 25 daga 30 su samu 5, kuma a nan ba zai canza gidan ba, amma idan lambobin suka yi girma ratar tana faɗaɗa, gara mutum ya saba da rabawa.

Wannan ba wasan aji ba ne. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan shekara, duk wanda ya auna girman kasuwa da naira zai ga kusan kowace kasuwa ta tsallake kashi 10, har wadda masu sayenta suka ragu. Shanunsa duk za su rikiɗe su zama taurari a takarda, karnukansa su zama alamomin tambaya. Illar kuwa babba ce, don maganin gidajen ya bambanta. Tauraro ana ƙara masa jari. Saniya ana kula da lafiyarta ne a kwashe rarar a kai wani wuri. Mai kamfanin da ya ɗauki reshen shinkafarsa tauraro zai ci bashin banki ya ƙaro injin, ga kuɗin ruwa mai tsada, sannan ya tarar babu ƙarin bakin da zai ci. Na taɓa zama da wani dattijo mai masana'anta yana nuna min littafinsa da farin ciki, ciniki ya haura na bara nesa ba kusa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, tirela nawa ta fita bara, nawa ta fita bana?" Ya kira magatakardansa, aka ƙirga takardun lodi ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Na bana sun gaza na bara. Hanya mafi sauƙi ta gane wannan cuta ke nan: a ajiye naira, a ƙirga buhu, tan, katan ko jarka. Idan tambayar jarrabawa ta ba ka adadin kaya da kuma darajarsu, ɗauki adadin. Idan daraja kawai ta bayar tare da hauhawar farashi, cire hauhawar. Idan ba ta ambaci farashi ba sam, yi aiki da abin da aka ba ka, ka rubuta a layi ɗaya cewa ka ɗauka girman na gaskiya ne.

Tauraron gaskiya a tambayar shi ne abincin kaji: kashi 28 a kan 20, wato 1.4, kuma kasuwar tana ƙaruwa da kashi 15 a lissafin tan. Abin lura a kansa ɗaya ne. Tauraro ba lallai ya bar kuɗi a aljihu ba. Yana kawowa da yawa, yana cinyewa da yawa, wani lokaci har sai an tallafa masa. Ana haƙuri da shi ne don ranar da kasuwar za ta lafa, in har ya riƙe matsayinsa, shi ne saniyar gobe. In aka yi masa rowa ya faɗo ƙasa da 1.0, ranar da kasuwar ta lafa a gidan kare zai sauka.

Wani lokaci lamba takan faɗo a kan iyaka ko dab da ita, kamar 0.95, ko girman kashi 10 daidai. Kashi 10 ɗin nan al'ada ce, ba doka ba. Idan tambaya ta ba da tata iyakar, misali matsakaicin girman masana'antar ko na tattalin arzikin ƙasa, ita za a bi. In ba ta bayar ba, faɗi iyakar da ka zaɓa tun a farkon amsa, ka sanya reshen a gida ɗaya, ka ce yana bakin iyaka kuma ga inda yake dosa. Mai duba takarda yana ba da maki a kan hujja. Abin da ba ya yafewa shi ne a bar reshe a rataye ba gida. Wajen zane kuma, a jadawalin asali babban kaso yana hannun hagu ne, ƙarami a dama, saɓanin yadda muka saba zana layin lissafi, shi ya sa tauraro yake sama ta hagu, saniya a ƙarƙashinsa. Rubuta sunan kowane layi da inda babba yake, don kada a ɗauka ka juya gidajen.

Saura kare, kuma a nan ina da ja da yadda ake koyar da abin. An haddace cewa kare a rabu da shi. Sunan ma yana taimakawa, musamman a kunnen Bahaushe, wa zai tsaya kare kare? Henderson kansa a rubutunsa na 1970 dabbar gida ya kira irin wannan reshe, abin da ake ajiyewa don sabo ba don amfani ba. Amma dubi kamfaninmu na Sharada da kyau. Buhunan nan da muka kira kare, a cikinsu ake zuba shinkafar kamfanin da abincin kajinsa. In aka rufe reshen, wurin wa za a sayi buhu? Wurin mai kashi 50 ɗin nan, wanda daga ranar ya zama shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Haka tunkuzar da ke fita bayan an matse gyaɗa, ita ce ke shiga abincin kaji. Jadawalin yana ɗaukar kowane reshe kamar ba ruwansa da ɗan'uwansa, alhali a yawancin kamfanoninmu rassan dogaro da juna suke yi. Sannan reshe mai 0.7 da injunansa suka riga suka biya kuɗinsu yana iya kawo 'yar riba kowane wata ba tare da ya nemi ko sisi ba. Wannan daban yake da mai 0.1 da ake cike masa gibi duk ƙarshen wata, ko da yake gida ɗaya suke zaune. Don haka a jarrabawa ka kira shi kare, domin lambobin haka suka ce, amma kafin ka ce a sayar, duba ko tambayar ta ambaci ribarsa ko alaƙarsa da sauran rassa.

Akwai kuma tambayar da ke ƙarƙashin duk lissafin, wadda a jarrabawa an riga an amsa maka ita, a kasuwa kuwa kai za ka amsa da kanka: wace ce kasuwar? Man gyaɗan da ya ninka na biyu a Kano da kewaye, in aka auna shi da duk man girkin da ake sayarwa a Najeriya, har da na manyan kamfanonin da ke Legas, zai koma ɗan mitsitsi, saniya ta zama kare ba tare da an sayar da jarka ɗaya ƙasa da jiya ba. Manajan da ke son reshensa ya haska zai ƙuntata kasuwar har sai ya zama na ɗaya a cikinta, wanda ke son a rufe reshen wani kuma zai faɗaɗa ta. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne su tambayi mai saye. Idan matar da ta zo Singa sayen jarkar man gyaɗa ta tarar ya yi tsada, me za ta ɗauka a madadinsa? In man ja ko man waken suya za ta ɗauka, to masu yin su abokan hamayya ne, kuma dole a sa su a lissafi, ko da masana'antarsu tana nisan kilomita dubu. In kuwa za ta zagaya shago na gaba ne ta nemi wani man gyaɗan, kasuwar ta man gyaɗa ce, kuma 2.0 ɗin nan tana nan daram.